Wasiƙa Ɗaya, Maki Huɗu

A ƙarshen zangon karatu na biyu, mu huɗu da ke koyar da Hausa a aji biyu na babbar sakandare muka tsaya a ofishin malamai bayan an tashi. Ƙorafi ne ya tara mu, wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. 'Yan wani aji kullum makinsu na insha'i yana sama, 'yan wani ajin kuma kullum yana ƙasa, alhali tambaya ɗaya suka amsa, kuma takardar ma'auni iri ɗaya ce a gaban kowane malami. Iyaye sun fara cewa wane yana da rowar maki, wane kuma hannunsa a sake yake. Mu ma a tsakaninmu mun fara yi wa juna wannan kallon.

Takardar ma'aunin nan ita ce malamai ke kira makin sikim. Jadawali ne mai nuna abubuwan da za a duba a aikin ɗalibi, da makin da kowanne zai ci. Tamu tana da fannoni huɗu: ƙunshiya, tsari, sarrafa harshe, da ƙa'idojin rubutu. Kowane fanni maki biyar, jimla ashirin. A ƙarƙashin kowane fanni kuma akwai matakai biyar, daga "madalla" mai maki 5 zuwa "da rauni" mai maki 1, kowane mataki da ɗan bayaninsa. A ido dai ba ta da makusa. Shekara uku muna aiki da ita, ba wanda ya taɓa tambayar ko abu ɗaya muke fahimta idan mun karanta ta.

Hajiya, shugabar sashenmu, wadda ta daɗe tana zuwa makin jarrabawar kammala sakandare, ita ta ce a bar musu, a gwada. Ta zaɓo takardu shida daga cikin na ɗalibai: biyu masu kyau, biyu tsaka-tsaki, biyu raunana. Ta rufe sunaye, ta yi fotokwafi, ta ba kowa nasa. Sharaɗin shi ne kowa ya koma gefe ya ba da makinsa fanni-fanni, kada ya leƙa na wani, kada kuma a yi magana sai an gama. Tambayar da ɗaliban suka amsa ita ce su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan ƙarancin ruwan sha a unguwarsu.

Takarda ta huɗu ce ta tsayar da mu. Wata yarinya ce ta rubuta ta, kalmomi wajen 240. Ga yadda wani yanki nata yake, kamar yadda ta rubuta: "Tun watan azumi famfon unguwarmu baya kawo ruwa yara suna tashi da asuba suje rijiya sai su makara makaranta kuma dan garuwa yace jarka daya naira dari biyu wanda baida hali sai yasha na kududdufi". Duk wanda ya karanta ya san yarinyar ta san abin da take faɗa, kuma ta gan shi da idonta. Haka nan duk malamin Hausa zai ga cewa ba aya, ba waƙafi, ta haɗe kalmomin da ake rabawa, kuma ba ta yi wa ɗ ƙugiya ba.

Matashin cikinmu, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya ba ta 16. Ni na ba ta 14. Hajiya ta ba ta 11. Dattijon malaminmu, wanda ba ya wasa da ƙa'idojin rubutu, ya ba ta 9. Idan aka mayar da waɗannan bisa ɗari, sun zama 80, 70, 55 da 45. A ma'aunin da makarantu suka saba da shi, wato A1, B2, C5 da D7 ke nan. Wasiƙa ɗaya, a hannun wani ta kai ƙololuwa, a hannun wani ko kiredit ba ta samu ba. Abin da ya raba yarinyar nan da sakamako mai kyau shi ne ajin da aka jefa ta a farkon shekara.

Wannan matsala ta girme mu duka. A shekarar 1912 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, sun raba kwafin takardun Ingilishi guda biyu ga malaman sakandare, suka tattara makin malamai 142. Takarda ɗaya ta samu daga 64 zuwa 98, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. A 1961 kuma Paul Diederich da abokan aikinsa sun ba mutum 53 insha'i 300 su jera su a matakai tara, ba tare da an ba su wani ma'auni ba. Kashi 94 cikin ɗari na insha'in sun samu maki iri bakwai, ko takwas, ko ma duka taran. Irin wannan ne ya sa aka koma rarraba maki fanni-fanni, ana rubuta abin da kowane mataki ke nufi. To amma rubuta takardar bai kashe maganar ba. Idan kalmominta suna da fuska biyu, tsohon saɓanin nan ne zai dawo, sai dai yanzu ya samu inda zai ɓuya.

Da muka baje makin fanni-fanni a kan allo, sai abin ya fara fitowa. Matashin ya ba da 5 a ƙunshiya, 4 a tsari, 4 a harshe, 3 a ƙa'idoji. Dattijon ya ba da 3, 2, 2, 2. Hajiya ta ce masa, "Malam, ɗora yatsanka a kan takardar yarinyar, ka nuna mana abin da ya ci mata maki biyu a ƙunshiya."

Ya ɗauko takardar ma'auni, ya karanta mana matakin sama na ƙunshiya: "Bayani gamsasshe, a jere, cikin hikima." Ya ce, "Hajiya, an ce a jere. Maganar da ba aya ba waƙafi, ta taho kamar ruwan kwata, ina jerin yake?" Ya gangara kan tsari, inda aka rubuta: "Ra'ayoyi a jere, sakin layi da alamomin rubutu daidai." Ya ce nan ma alamomin rubutu ba su nan. A sarrafa harshe an rubuta: "Hausa mai daɗi, ba kurakurai." Ya ce ga kurakurai nan birjik. A ƙa'idojin rubutu kuwa ba sai an faɗa ba.

Ba wanda ya iya cewa ya yi kuskure. Takardar ya bi, kalma bayan kalma. Laifi ɗaya yarinyar ta yi, wato rashin sanin ƙa'idar rubutu, amma takardarmu ta buɗe ƙofa huɗu da za a bi a hukunta ta a kansa. Matashin ya bi ta ƙofa ɗaya ya tsaya, Hajiya ta bi ta uku, dattijon ya bi ta duka huɗun. Wannan shi ne shigar fanni cikin fanni, kuma a ganina shi ne aibi mafi tsada a takardar ma'auni, don yana sauya nauyin abubuwa ba da sanin kowa ba. Mun yi niyyar ƙa'idojin rubutu su zama kashi ɗaya cikin huɗu na maki, sai ga shi a hannun wani malamin su ne ke juya jarrabawar gaba ɗaya. Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren: yaron da ya iya jefa karin magana a kowane sakin layi yakan ci lada sau biyu, a "hikima" ta ƙunshiya da "daɗi" na harshe, ko da bai kawo hujja ko ɗaya ba.

Hanyar gano wannan aibi ba ta da wuya, ko da ba a tara malamai ba. A ɗauki jan biro, a bi takardar ma'auni, a ja layi ƙarƙashin kowace kalma da ta fito a fanni fiye da ɗaya. A tamu, "a jere" ta fito sau biyu, "alamomin rubutu" sau biyu, "kurakurai" sau biyu. Sai dai wani shigar ba ya zuwa da kalma iri ɗaya, kamar "hikima" da "daɗi" da na ambata. Don haka akwai gwaji na biyu: a ɗauki fannoni biyu, a tambayi kai, shin zan iya kwatanta takardar da za ta ci 5 a wannan, ta ci 1 a wancan? Tsakanin ƙunshiya da ƙa'idojin rubutu amsar e ce, ga yarinyarmu nan shaida. Tsakanin sarrafa harshe da ƙa'idojin rubutu kuwa, yadda muka rubuta su, ba zai yiwu ba, tunda duk wanda ya faɗi a na biyun ya riga ya saɓa wa "ba kurakurai" na farkon. Fannoni biyun da ba za su iya rabuwa ba, fanni ɗaya ne aka ba shi suna biyu.

Akwai kuma alama ta uku da ake gani a jadawalin maki, idan fannoni biyu suna hawa tare suna sauka tare a kowace takarda. Amma wannan a yi hattara da ita. Ɗalibi mai ƙoƙari sau da yawa yana da ƙoƙari a ko'ina, saboda haka tafiyarsu tare ba ta isa hujja ba. Tana dai nuna inda za a koma a duba.

Gyaran da muka yi shi ne kowane irin kuskure muka yanka masa gida ɗaya. Aya, waƙafi, babban baƙi, ƙugiya, haɗe kalmomi da raba su, duk suka koma ƙa'idojin rubutu, kuma aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a sake cire musu maki a wani wuri. Jerin ra'ayoyi da sakin layi suka zauna a tsari kaɗai. Sarrafa harshe ya koma zaɓen kalma, da ginin jimla, da dacewar lafazi da wanda ake rubuta wa. Ƙunshiya ta tsaya a kan abin da aka faɗa kawai. Hajiya ta kawo dabarar da ta gani a wurin makin hukumar WAEC, inda insha'in Ingilishi ke da maki 50: ƙunshiya 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, ƙa'idojin rubutu 10, kuma ana zagaye kuskuren ƙa'ida da biro a cire masa rabin maki. Muka ɗauki wannan: kuskuren ƙa'ida a zagaye shi, na harshe a ja masa layi. Kalma ɗaya ba ta ɗaukar alama biyu. Idan malami ya ga hannunsa zai yi zagaye kuma zai ja layi a wuri guda, to ya tsaya ya zaɓa.

Nan ne wata tambaya ta taso wadda takardar ba ta taɓa amsawa ba. A takarda ta biyu, yaron ya rubuta "shina" a maimakon "yana", kamar yadda ake faɗa a gidansu. Wani cikinmu ya zagaye ta a matsayin kuskuren rubutu, wani ya ja mata layi a matsayin kuskuren harshe, wani bai taɓa ta ba sam, don a kunnensa Hausa ce lafiyayya. Kuma Hausa ce lafiyayya, ba shakka. Sai dai jarrabawar daidaitacciyar Hausa take nema. Muka yanke cewa karin harshen yanki yana ƙarƙashin sarrafa harshe, ana lissafa shi sau ɗaya komai yawan maimaituwarsa, kuma shi kaɗai ba ya sauko da ɗalibi fiye da mataki guda. Wata makarantar tana iya yanke wani abin daban. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi ga asalin garin malamin da takardar ta faɗa hannunsa.

Saɓani na biyu daga matakan ya fito. A ƙa'idojin rubutu, mataki na 4 ya ce "kurakurai kaɗan", na 3 ya ce "wasu kurakurai", na 2 ya ce "kurakurai da yawa". Dattijon ya ƙirga alamomin jan bironsa a wasiƙar yarinyar, ya samu 31, ya ce wannan ai da yawa ne. Matashin ya ce shi iri-iri ya duba, ya ga iri biyar ne kawai suke ta maimaituwa, "yace" kaɗai ta fito sau tara, don haka "wasu" ne. Su biyun duk sun yi gaskiya, domin takardar ba ta ce a ƙirga ba, ba ta kuma ce me za a ƙirga ba. Kalmomi irin su kaɗan, wasu, da yawa, sosai, daidai gwargwado, gamsasshe, duk suna jingina ne da abin da mai karatu ya saba gani. Malamin da ya fito daga ajin da rubutu ya lalace zai ga kuskure goma kaɗan ne. Wanda ya saba da 'yan gasar kacici-kacici zai ga uku ma sun yi yawa. Idan aka cire waɗannan kalmomi daga matakai biyu maƙwabta, aka ga abin da ya rage iri ɗaya ne, to babu bayanin mataki a wurin, lambar makin kawai aka sake faɗa da kalmomi.

A wannan fanni ƙirga tana aiki, sai muka koma gare ta. Amma ƙirgar ma tana da tarko. Idan aka ƙirga duk takardar, wanda ya rubuta kalma 300 zai fi wanda ya rubuta 120 yawan kuskure, ko da ya fi shi iya rubutu, sai a koya wa yara cewa gajartawa ita ce dabara. Saboda haka muka ce a ƙirga a kalmomi 100 na farkon gundarin wasiƙar, kuma kuskure a kalma ɗaya sau ɗaya ake lissafa shi. Daga 0 zuwa 2 maki 5, daga 3 zuwa 5 maki 4, daga 6 zuwa 9 maki 3, daga 10 zuwa 14 maki 2, daga 15 zuwa sama maki 1. A daftarin farko mun rubuta "6 zuwa 10" sannan "10 zuwa 14", sai matashin ya tambaya, mai goma cif ina zai faɗa? Irin wannan ƙaramin abu ne, amma a aji mai yara sittin ba a rasa waɗanda za su tsaya daidai kan iyakar. Yarinyarmu ta samu 12, wato maki 2, kuma duk mu huɗu muka samu haka, in ban da mutum ɗaya da ya ƙirga 13.

A tsari kuwa aibin na daban ne. An cusa abubuwa biyu a gida ɗaya, an haɗa su da "da". Wasiƙar yarinyar ta cika sassanta: adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kanun magana, rufewa da sa hannu. Amma gundarin duka sakin layi biyu ne, matsaloli uku a cunkushe cikin guda. Wanda ya kalli sassan wasiƙa ya ba da 4, wanda ya kalli sakin layi ya ba da 2. Duk inda bayanin mataki ya nemi abu biyu, za a samu ɗalibin da ya kawo ɗaya ya bar ɗaya, kuma a nan malamai za su rabu. Muka tsaga fannin: maki 2 na sassan wasiƙa, maki 3 na jeri da sakin layi. Ta ci 2 da 1, jimla 3.

Ƙunshiya ce ta fi cin lokacinmu, kuma a nan ne na fi jin tsoron gyaran ya wuce gona da iri. Shawarar farko ita ce a ce matsala uku maki 5, biyu maki 3, ɗaya maki 1. Da an yi haka, da ba mu sake saɓawa ba har abada, amma da mun lalata jarrabawar. Yaro zai rubuta "ba ruwa, muna shan wahala, abin ba daɗi", ya ce ga uku nan, ya ci daidai da yarinyar da ta kawo makarar yara, da kuɗin jarka, da shan ruwan kududdufi. Daidaiton malamai ba shi ne abin da ake nema don kansa ba. Ana iya samunsa cikin sauƙi ta hanyar auna abin da ba shi da amfani. Abin da muke so ɗalibi ya koya shi ne ya faɗi matsala, ya tsaya mata da abin da mai karatu zai iya gani, sannan ya nemi wani abu takamaimai.

Sai muka rubuta haka. Maki 5: matsaloli uku mabambanta, kowacce da misali ko dalilin da ya tabbatar da ita, da kuma buƙata bayyananna ga wanda aka rubuta wa. Maki 4: haka nan, sai dai ɗaya daga cikin matsalolin ba ta da abin da ya tabbatar da ita, ko kuma buƙatar ta zo a dunƙule, irin "a taimaka mana". Maki 3: matsaloli biyu ne kawai aka tabbatar. Haka har ƙasa. Abin lura shi ne duk matakan a kan abu ɗaya suke magana, wato matsala, da hujjarta, da buƙata. A tsohuwar takardar mataki na 5 yana maganar hikima, na 3 yana maganar tsawon rubutu, na 1 yana maganar kauce wa tambaya, kamar tsani ne da aka haɗa da matakalai daga gidaje uku. Yarinyar ta roƙi a gyara injin rijiyar burtsatsen da ke bayan makarantar firamare, ba ta tsaya ga "a duba lamarinmu" ba. Ta ci 5.

Sarrafa harshe bai yarda da ƙirga ba, kuma ba mu tilasta masa ba. Mun yi ta ƙoƙarin rubuta bambancin mataki na 4 da na 3, duk abin da muka rubuta sai ya koma "mai kyau" da "mai ɗan kyau". Daga ƙarshe muka yarda cewa matakai uku ne kawai za mu iya bayyanawa da gaskiya. Na 5, jimloli suna fita sarai, kalmomi sun dace da wasiƙar hukuma, ba inda mai karatu ya tsaya neman ma'ana. Na 3, ana fahimta, amma akwai wuraren da sai an sake karantawa, ko lafazin ya koma na hira. Na 1, sau da yawa ma'anar ba ta fita. Maki 4 da 2 aka bar su ga takardar da ta cika na ƙasa duka, ta kuma taɓo wani abu na sama. Sannan muka zaɓi takarda ɗaya ta gaske ga kowane mataki cikin ukun, muka rufe sunan, muka maƙala ta a bayan ma'aunin. Malamin da ya yi shakka sai ya ɗora takardar hannunsa kusa da su, ya ga wacce ta fi kama da ita. Wannan ya fi kowane bayani da muka rubuta aiki. Hajiya kuma ta ba da shawarar a karanta takardar a bayyane idan za a ba da makin harshe, don kunne ba ya ganin ƙugiyar da ta ɓace, kuma ba ya ganin kyan rubutun hannu. Da aka karanta ta yarinyar haka, dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Hausarta dai ba laifi."

Da aka sake ba ta maki, ta samu 13, 14, 14 da 15. Jimlata ta farko ma 14 ce, amma wannan dacewa ce kawai: na ba ta 4 a ƙunshiya inda ta cancanci 5, na ba ta 4 a tsari inda ta cancanci 3, kuskure biyun suka rufe wa juna asiri. Shi ya sa ba a gwada ma'auni da jimla. Malamai biyu suna iya haɗuwa a 14 alhali ba su yarda da juna a fanni ko ɗaya ba, kuma ɗalibin da ke son sanin inda zai gyara, bayani biyu masu karo da juna zai samu.

Wannan zagayen bai isa shaida ba, tunda mun riga mun tattauna takardar har kowa ya san ra'ayin kowa. Mako na gaba Hajiya ta kawo sababbin takardu shida, aka sake yi a ɓoye kamar farko. Takarda shida sau fanni huɗu, gida 24 ke nan. A gwajin farko, gidaje 11 ne tazarar mai sama da mai ƙasa ta kai maki biyu ko fiye. A na biyu suka koma 3, kuma dukkansu a sarrafa harshe. Tazarar maki ɗaya ba mu ɗauke ta matsala ba, don ba ma'aunin da zai kawar da ita a insha'i.

Jadawalin ya nuna mana wani abu kuma da ya kamata a rarrabe shi da aibin takarda. Idan saɓani ya taru a fanni ɗaya, kuma yau wannan malamin ne a sama gobe wancan, to laifin kalmomin ma'auni ne. Idan kuwa malami ɗaya ne kullum a ƙasa da maki guda, a kowane fanni, a kowace takarda, amma jerinsa daga gwani zuwa rarrauna daidai yake da na sauran, to wannan tsananin hannu ne, sake rubuta ma'auni ba zai taɓa shi ba. Maganinsa takardun misali, da kuma shugaban sashe ya riƙa zaro 'yan takardu daga kowane ɗauri yana sake dubawa. Dattijonmu har yanzu yana da ɗan wannan, shi ma ya sani, shi ya fara cewa a riƙa zaro nasa.

Gidaje ukun da suka rage, biyu daga cikinsu suna da irin matsala guda: ɗaliban da suka buɗe wasiƙar hukuma da doguwar gaisuwa da addu'a da karin magana. Dattijon yana ganin ladabi ne da ƙwarewa, ya kamata su ɗaga maki. Matashin yana ganin wasiƙar aiki kai tsaye ake shiga magana. Ba mu daidaita ba ranar. Abin da muka yi shi ne muka rubuta a ƙasan ma'aunin cewa a wannan zangon ba a ƙara maki ba a ragewa saboda su, muka sa maganar cikin abin da za a yanke kafin a koyar da wasiƙa a shekara mai zuwa, don ɗalibai su ji hukuncin a aji tun kafin su gamu da shi a jarrabawa.

Sauran aikin shi ne takardun zangon da aka riga aka ba maki da tsohon ma'auni. Ba mu iya sake duba duka ba, sai muka ware waɗanda jimlarsu ta faɗa tsakanin 8 da 11, inda maki ɗaya ko biyu ke raba kiredit da rashinsa, muka sake bin su mu biyu-biyu. Ta yarinyar tana cikinsu, domin a ajin dattijon take. Shi da kansa ya mayar mata da ita, da 14 a sama, ya kuma rubuta mata a ƙasa da jan biro cewa hujjojinta sun tsaya, ta zo ranar Laraba bayan tashi su zauna a kan aya da raba kalmomi.